Tambayoyi da amsoshi kan auna wasan mai lamba shida da abin da koci zai faɗa masa bayan an tashi

Waɗannan tambayoyi ne da masu horar da matasa suka saba yi idan an zo batun tantance ɗan wasa. Amsoshin sun tsaya kan gurbi ɗaya, wato ɗan tsakiya mai zama gaban 'yan baya, wanda ake kira lamba shida. Shi ne gurbin da ido ya fi ruɗuwa a kai, domin yawancin aikinsa yana gamawa kafin ƙwallo ta iso ƙafarsa.

Na kalli wasan daga farko har ƙarshe. Me ya sa sai na rubuta wani abu?

Saboda abin da ke zama a kan mutum bayan wasa ba shi ne wasan ba. Ƙwallon da aka ci, kuskuren da ya jawo ta, rigimar da aka yi da alƙalin wasa, su ne ke saura. A shekarar 1986 Ian Franks da Gary Miller sun gwada masu horarwa a kan wannan, suka sa su kallon wasa sannan suka tambaye su muhimman abubuwan da suka faru. Abin da suka tuna daidai bai kai rabi ba. Koci kuma yana da wata matsalar ta daban, ya riga ya san yaransa. Wanda yake ganin malalaci ne, duk tsayuwar da ya yi sai ta faɗo masa a ido, wanda yake so kuwa kuskurensa wucewa yake yi ba a lura ba.

Ga shi kuma ɗan wasa ba ya daɗewa da ƙwallo a ƙafa. Idan aka haɗa duk lokacin da ya riƙe ta a wasa na minti 90, da wuya ya wuce minti biyu ko uku. Sauran lokacin duka yana motsi ne babu ƙwallo, idon mai kallo kuwa ƙwallo yake bi.

To me zan auna? Abubuwan da ake nema ga ɗan ƙwallo ai suna da yawa.

Suna da yawa, shi ya sa ba a auna su duka rana ɗaya. Hukumar ƙwallon Ingila ta kasa tarbiyyar ɗan wasa gida huɗu: iya sarrafa ƙwallo da fahimtar wasa, ƙarfin jiki, ƙarfin zuciya da tunani, sai mu'amala da abokan wasa. Wannan rabon yana da amfani wajen tsara horon shekara guda, amma ya yi faɗi ga wasa ɗaya. Mutum ɗaya da takarda da biro ba zai iya bin fiye da abu huɗu ko biyar ba.

Ga mai lamba shida, abubuwa huɗu sun isa. Na farko, ya waiwaya kafin ƙwallo ta zo masa ko bai waiwaya ba. Na biyu, ina jikinsa ya fuskanta lokacin da ya tare ta: gidansu, ko gefe-gefe yadda zai ga gaba da baya. Na uku, ina ya kai ta: gaba, gefe, baya, ko an ƙwace. Na huɗu, me ya yi a daƙiƙoƙin farko bayan ya rasa ƙwallo.

Ukun farko a jere suke, kowanne yana haifar da na bayansa. Wanda bai waiwaya ba bai san akwai sarari a bayansa ba, don haka ba zai buɗe jiki ba, wanda bai buɗe jiki ba kuwa babu inda zai ba da fasin sai inda ƙwallon ta fito. Amfanin zaɓar ma'aunai masu jere shi ne, idan an ga matsala a ƙarshe ana iya bin sawu a gano inda ta soma.

Ba zan iya amfani da ma'auni ɗaya ga kowa ba?

A'a. Ma'auni yana bin aikin da ka ba yaro ne. John Mikel Obi misali ne da kowa ya sani. A gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Holand a 2005, shi ne mai tsara wa Najeriya hari, har aka zaɓe shi na biyu a gasar bayan Lionel Messi. Da ya koma Chelsea a 2006 sai aka zaunar da shi gaban 'yan baya. Duk wanda ya ci gaba da auna shi da yawan fasin da ke buɗe raga zai ce ya lalace, alhali wani aikin daban aka ba shi, kuma ya yi shekaru yana yin sa.

Don haka kafin wasa ka faɗa wa yaro aikinsa da baki, a jimla biyu ko uku, sannan ka auna shi a kan abin da ka faɗa. Rashin adalci ne ka ce masa ya zauna ya kare 'yan baya, bayan wasa kuma ka tuhume shi da rashin kai hari.

Me ake nufi da waiwaye, kuma ta yaya ake ƙirga shi?

Waiwaye shi ne ɗan wasa ya ɗauke kansa daga kallon ƙwallo, ya leƙa gefe ko bayansa, ya dawo da ido. Sharaɗin shi ne a ga kan ya juya. Idan ka ce "ina jin ya hango shi da gefen ido", ƙirgarka ta koma zato.

Geir Jordet, malami a makarantar kimiyyar wasanni ta ƙasar Norway, ya yi shekaru yana ƙirga wannan a bidiyon manyan 'yan wasa. Yana duba daƙiƙa 10 na ƙarshe kafin ɗan wasa ya karɓi ƙwallo, ya ƙirga sau nawa ya juya kai. Ya samu cewa waɗanda suka fi yawan waiwaye fasin ɗinsu ya fi isa inda aka nufa, musamman fasin na gaba. Xavi na Barcelona yakan kai wajen sau takwas a cikin daƙiƙa goman nan.

Ba a neman wannan daga yaro ɗan shekara 16, kuma ba ka iya ƙirga shi da ido a bakin fili. Ka sauƙaƙa: a ɗan lokacin da ya rage kafin ƙwallo ta iso, ya waiwaya ko da sau ɗaya? Eh ko a'a. Lokacin da ya dace a waiwaya shi ne sa'ad da ƙwallo ke tafiya tsakanin abokan wasa biyu, ko tsakanin taɓawa da taɓawa a ƙafar mai riƙe da ita. A daidai lokacin da abokinsa zai buga masa kuwa, dole ido ya dawo kan ƙwallo. Yaron da ya juya kai a wannan lokacin bai yi gwaninta ba, ƙwallon za ta zo ta same shi bai shirya ba.

Yaya takardar za ta kasance?

Layi ɗaya ga kowace karɓar ƙwallo. A farkon layi minti, sai gurabe huɗu: wa ya ba shi, ya waiwaya ko a'a, jiki a buɗe ko a rufe, sai inda ƙwallon ta ƙare. Harafi ɗaya ya isa kowane gurbi, G gaba, F gefe, B baya, R an rasa. A bayan takardar ka ja layi duk lokacin da ya rasa ƙwallo, ka sa alama idan ya bi ta nan take ko ya koma ya toshe tsakiya, ka bar wurin fayau idan ya tsaya yana ɗaga hannu.

Kada koci ya riƙe takardar nan da kansa, wasan gaba ɗaya ke gabansa. A ba mataimaki, ko ɗan wasan da ke jinya. Mai rubutun kuma aikinsa yaron ne kawai, ko da ƙwallo tana can ɗaya ƙarshen filin. Wannan ya fi komai wuya, a minti goman farko kusan kowa sai ya tsinci kansa yana kallon wasa kamar ɗan kallo.

Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo, a hau wuri mai tudu daidai tsakiyar fili, a ɗauko da faɗi yadda yaron zai kasance a ciki ko ba shi da ƙwallo. Bidiyon da ke bin ƙwallo kusa-kusa ba ya nuna waiwaye, sai dai ka ga yaro ya bayyana a hoto bayan komai ya riga ya faru.

A nuna mana da misali. Me lambobin suke faɗa?

A ce yaro ne ɗan shekara 16, yana buga shida, an ci ƙungiyarsa 2-1. Ƙwallo ta biyu daga ƙafarsa aka ƙwace ta a minti na 63. Kowa a bakin fili ya tafi gida da magana ɗaya, yaron nan ba shi da kwantirol.

Takarda ta nuna ya karɓi ƙwallo sau 34. Ya ba da fasin 30, 25 sun isa, wato kusan kashi 83 cikin ɗari. Sau 4 kuma an ƙwace ta a ƙafarsa kafin ya bayar. Idan aka haɗa da fasin 5 da suka ɓace, ya rasa ƙwallo sau 9.

Wanda ya tsaya a kashi 83 zai ce yaro ya yi wasa. Amma a cikin fasin 30 ɗin, 6 kaɗai suka tafi gaba. Sauran gefe ne da baya, irin fasin da ba ya ɓacewa kuma ba ya tsallake kowa. Mai lamba shida zai iya kai kashi 90 ba tare da ya amfani ƙungiyarsa da komai ba, muddin ya riƙa mayar wa 'yan baya abin da suka ba shi.

Yanzu sai a raba layukan gida biyu bisa waiwaye. Sau 15 ya waiwaya kafin ya karɓa. A cikinsu ne fasin 5 daga cikin 6 na gaba suka fito, kuma sau 2 kawai ya rasa ƙwallo, duka biyun yana ƙoƙarin tura ta gaba ne a ɓangaren abokan hamayya, wanda kasada ce mai kyau. Sau 19 bai waiwaya ba. A nan ya rasa ta sau 7: ƙwace huɗun nan duka, da fasin uku na firgita da ya buga don ya rabu da ita.

Ka ga maganar kwantirol ta faɗi. Ƙafar da ta tare ƙwallo lafiya sau 15 ita ce dai ta kasa a sauran. Abin da ya bambanta shi ne ko ya san wanda ke bayansa. Da koci ya bi maganar bakin fili, da ya kwashe sati biyu yana sa yaro tare ƙwallo da bango, ya ƙware a abin da dama ya iya, ranar wasa kuma a sake ƙwacewa.

Akwai ƙarin abu biyu a takardar. Daga cikin 19 ɗin nan, 13 daga 'yan baya ko gola ƙwallon ta zo, yana fuskantar gidansu. Idan ƙwallo ta fito daga gefe yana waiwayawa, idan ta fito daga baya sai ya kafe ta da ido. Sannan kafin hutun rabin lokaci ya waiwaya sau 10 cikin karɓa 17, bayan an dawo sau 5 cikin 17. Da gajiya ta shigo, waiwayen ne ya fara tafiya. Wannan alama ce cewa ya san abin amma bai zame masa jiki ba tukuna, sai ya tuna yake yi.

Bayan takardar kuwa labari ne mai daɗi: a cikin sau 9 da ya rasa ƙwallo, sau 7 ya juya nan take ya bi ta. Babu wanda ya ga wannan a bakin fili.

Ƙwallon minti na 63 fa, laifinsa ne ko ba laifinsa ba?

Yana da kaso, amma ba shi kaɗai ba. Idan aka mayar da bidiyo baya kaɗan, ɗan bayan da ya ba shi yana fuskantar filin gaba ɗaya, yana ganin mutum ya taho a guje ta bayan yaron, duk da haka ya ba shi, kuma bai ce masa komai ba. Wanda ke ba da fasin shi ne idon wanda ke karɓa da baya. Kalma ɗaya, "mutum!" ko "juya!", da ta wadatar.

Shi ya sa gurbin "wa ya ba shi" yake a takarda. Idan ka ga yawancin asarar daga ƙafar mutum ɗaya take fitowa, to gyaran na mutum biyu ne. Haka kuma idan yaro ya waiwaya, ya buɗe jiki, ya ɗaga kai bai ga kowa ba sai ya mayar baya, kada a rubuta masa laifi. 'Yan gaba ne ba su fito ba, wannan kuma aikin koci ne.

Idan ya yanke shawara mai kyau amma fasin bai isa ba, yaya zan rubuta?

Ka raba su. Kowane motsi yana da gani, da zaɓi, da aiwatarwa, kuma kowanne maganinsa daban. Yaron da ya hango ɗan gaba ya tsere, ya tura masa, amma ƙwallon ta yi ƙarfi, ya ci gani da zaɓi, ƙafa ce ta gaza. Wannan maimaitawa ke gyara shi. Wanda ya buga fasin cikin mutum uku ya yi sa'a ta wuce, takarda za ta ce ya isa, amma zaɓin banza ne, gobe za a tare.

Masu horar da yara sukan yi akasin haka ba da niyya ba. Su yi wa na farko tsawa, su tafa wa na biyu. Bayan wata uku sai a wayi gari babu mai gwada fasin na gaba, kowa ya gane cewa mayarwa baya ba ta jawo faɗa. A takarda ka sa wata 'yar alama kusa da R idan zaɓin daidai ne, kuma ka tabbata yaron ya ji daga bakinka cewa ka gani.

Yawan ƙwace ƙwallo ba shi ne ma'aunin mai lamba shida ba?

Wani lokaci. N'Golo Kanté ya fi kowa ƙwace ƙwallo da tare fasin a gasar Firimiya a kakar 2015 zuwa 2016 da Leicester ta ɗauki kofi, Wilfred Ndidi ma ya fi kowa ƙwace a kakar 2017 zuwa 2018 a wannan kulob ɗin. Amma Leicester ta shekarar kofi ƙungiya ce da ke barin ƙwallo a hannun abokan hamayya ta jira su, don haka damar ƙwace tana da yawa. Ɗan wasan ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo mafi yawan lokaci ba zai tara irin wannan adadi ba ko da ya fi kowa iyawa. Wanda kuma ya tsaya a wurin da ya dace har mai ƙwallo ya fasa ba da fasin, ya yi aiki babba da babu lambar da ke nuna shi.

Kullum ka tambayi lamba, cikin nawa? Charles Reep, wani akanta a rundunar sojan sama ta Birtaniya, ya soma rubuta wasanni da fensir a 1950, kuma shi ake ɗauka a matsayin wanda ya buɗe wannan fanni. Ya gano cewa yawancin ƙwallaye ana cin su ne daga harin da bai wuce fasin uku ba, sai ya yanke cewa a daina yawan fasin, a riƙa dokawa gaba. Abin da ya tsallake shi ne yawancin hare-hare a ƙwallon ƙafa dama gajeru ne, don haka dole yawancin ƙwallaye su fito daga cikinsu. Ƙirgarsa daidai take, fassarar ce ta karkace, kuma ta yi tasiri a ƙwallon Ingila na tsawon shekaru. Sau 7 da yaronmu ya rasa ƙwallo ba ya nufin komai sai an ce cikin 19, an kuma ajiye shi kusa da 2 cikin 15.

Zan iya ba shi maki, kamar shida cikin goma?

Ga jarida yana da kyau. Ga yaro ba ya koya masa komai, domin ba zai san abin da zai yi ranar Talata don shida ta zama bakwai ba. Abin da zai yi kawai shi ne ya tambayi abokinsa nawa aka ba shi.

Yaushe zan yi masa magana, kuma me zan ce?

Ba a bakin fili ba, ba a cikin motar komawa gida ba, ba kuma a gaban sauran yara ba. Yaron da aka ƙwace ƙwallo a ƙafarsa aka ci ya riga ya san abin da ya faru fiye da kowa, a daren nan kunnensa a toshe yake. Ka jira atisaye na gaba, kwana ɗaya ko biyu, ka kira shi gefe kafin a fara. Minti biyar zuwa goma sun isa.

Ka zaɓi guntayen bidiyo uku: ɗaya da ya waiwaya ya juya ya tura gaba, biyu da bai waiwaya ba. Fara da mai kyau, don ya ga abin da ake nema a jikinsa ne, ba a jikin Xavi ba. Sannan ka tambaya kafin ka faɗa. Ga yadda zancen zai iya tafiya:

"Zo nan, yarona. Kalli wannan, minti na 20. Me ka yi kafin ta iso?"

"Na leƙa hagu, Koci."

"Me ka gani?"

"Babu kowa, shi ne na juya."

"Madalla. To ga na minti 63. Ina idonka yake tun da ɗan baya ya ɗauki ƙwallo?"

"A kan ƙwallon."

"Yaushe ka san akwai mutum a bayanka?"

"Sai da ya taɓa ni, Koci."

Daga nan sai lambobi, biyu kawai: da ka waiwaya sau 15, sau 2 ka rasa, da ba ka waiwaya ba sau 19, sau 7. Sai aikin da za a yi, a jimla ɗaya da zai iya riƙewa: duk lokacin da ƙwallo ke tafiya tsakanin 'yan baya, ka leƙa kafaɗarka. A ƙarshe ka gaya masa sau 7 cikin 9 ya bi ƙwallo bayan ya rasa ta, kuma kana so ya riƙe wannan.

Lura da abin da ba a ce ba. Ba a ce "ka riƙa natsuwa" ba, ba a ce "ka buɗe ido" ba. Waɗannan kalmomi ne da kowane yaro zai amsa da "to, Koci" ya tafi bai san me zai canza ba. Ba a kuma ce masa matsoraci ko mai sanyin jiki ba. Magana a kan abin da ya yi tana da gyara, magana a kan halinsa kuwa sai dai ya riƙe ta a zuci. Yaranmu an tarbiyyantar da su kada su musa wa babba, don haka gyaɗa kai ba shaidar fahimta ba ce. Ka sa ya maimaita maka da bakinsa abin da zai yi da lokacin da zai yi shi.

Na ga kurakurai biyar. In faɗi ɗaya kawai?

Ɗaya. Ka zaɓi wanda ya fi kusa da tushe. A misalinmu rufaffen jiki, ƙarancin fasin na gaba da ƙwacewa duk daga rashin waiwaye suka taso, idan ya gyaru za su ragu da kansu. Sauran ka rubuta ka ajiye.

Wane atisaye zai gyara wannan?

Wanda ya yi kama da wurin da abin yake lalacewa. Takarda ta ce matsalar tana zuwa ne idan ƙwallo ta fito daga baya, to haka za a shirya. A shata fili kamar mita 25 a tsawo, 15 a faɗi. 'Yan baya biyu a ƙarshe ɗaya suna ba juna ƙwallo, yaron a tsakiya, ɗan gaba ɗaya a ɗaya ƙarshen. Mai makin, wato wanda aka sa ya tsare shi, yana tsaye mita biyar a bayan yaron, shi ke zaɓa: ya taho ta dama, ya taho ta hagu, ko ya tsaya. Idan ya taho ta dama yaro ya juya hagu, idan ya tsaya yaro ya juya ya tura wa ɗan gaba, idan ya manne masa ya mayar da taɓawa ɗaya. Da farko 'yan baya su yi shiru don ya dogara da idonsa, daga baya a bar su su yi magana kamar a wasa. Minti 10 zuwa 12, sau biyu a sati.

Akwai wani atisaye da ya yaɗu, koci ya tsaya a baya yana ɗaga yatsu ko riga mai launi, yaro ya waiwaya ya faɗi abin da ya gani. Ba laifi a ranar farko don wuya ya saba juyawa. Amma abin da aka gani a nan ba ya canza abin da za a yi da ƙwallo, sai yaro ya koyi juya kai don koci ya gani. Za ka gane irin wannan yaron a wasa: yana waiwaye sosai, kuma yana juyawa ya faɗa kan mutumin da ya kamata a ce ya gani.

Tunda waiwayen ya ragu bayan hutun rabin lokaci, a riƙa yin wani ɓangare na atisayen a ƙarshen horo, lokacin da numfashi ya yi sama. Daga nan a shigar da shi ƙaramin wasa na mutum shida-shida, da ƙa'idar cewa ƙwallon da aka ci bayan ɗan tsakiya ya karɓa daga baya ya juya ana ƙirga ta biyu.

Wasa nawa zan auna kafin in yanke hukunci?

Wasa ɗaya yana nuna inda za a duba, ba ya isa hukunci. Karɓa 34 kaɗan ne, biyu ko uku su sauya sai lissafin ya canza fuska. Abokan hamayya ma sun bambanta: ƙungiyar da ke matsawa tun daga gaba tana tona asirin wanda ba ya waiwaye, wadda ta koma baya ta zauna tana rufa masa. Filin ma haka. A filin ƙasa mai rairayi da tsakuwa, irin wanda yawancin matasanmu ke wasa a kai, ƙwallo na iya tsalle a taku na ƙarshe, dole ido ya daɗe a kanta fiye da a kan ciyawa. Ka rubuta a saman takarda wane fili ne, da wa aka buga, da ƙarfe nawa, kuma ka kwatanta yaro da kansa a yanayi mai kama da juna. Wasa uku zuwa biyar suna ba da hoton da za a iya dogara da shi.

Mai rubutun ma a gwada shi. A ba mutum biyu minti 15 na bidiyo ɗaya, kowa ya cike takardarsa ba tare da ya leƙa ta ɗan'uwansa ba. Idan a karɓa goma sun saɓa a uku ko huɗu, ma'anar "waiwaye" ko "buɗaɗɗen jiki" ba ta fito ba, sai a zauna a daidaita kafin a kai wa yaro kowace lamba.

Ta yaya zan san gyaran ya kama?

Da takardar nan dai, da ma'anar nan, kuma in zai yiwu da mai rubutu ɗaya. Abin da za ka fara gani shi ne waiwaye ya ƙaru a karɓar da ke fitowa daga 'yan baya. Kada ka yi mamaki idan a wasa biyun farko asarar ƙwallo ba ta ragu ba, ko ma kason fasin ya sauko daga 83 zuwa 77. Yaron da ya soma ganin gaba zai soma gwada fasin da da ba ya gwadawa, wasu kuma za su ɓace. Abin dubawa shi ne inda asarar take faruwa da irinta. Idan ƙwacewa a gaban 'yan bayansa ta ragu, asarar ta koma fasin na gaba a ɓangaren abokan hamayya, gyaran yana tafiya. Idan waiwaye ya ƙaru amma har yanzu ana ƙwacewa a wuri ɗaya, ka koma bidiyo ka duba lokacin waiwayen. Galibi za ka tarar yana leƙawa da wuri, daƙiƙa biyar ko shida kafin ƙwallo ta zo, mai makin kuma yana tasowa bayan ya mayar da ido. Wannan yaron yana buƙatar leƙe na biyu a lokacin da ƙwallo ta baro ƙafar abokinsa tana hanya, kuma shi ne abu ɗayan da za ka kai masa a zama na gaba.